Zazzaɓin da ke kwana a hanta

A watan Satumba na shekarar 1900, wani ɗalibin likitanci a Landan ya miƙa hannunsa ga sauro da gangan. Sunansa Patrick Thurburn Manson, ɗan Sir Patrick Manson, likitan nan da ya daɗe yana cewa sauro ne ke yaɗa maleriya. An ɗauko sauron ne tun daga birnin Rum na Italiya, bayan sun sha jinin masu fama da zazzaɓi, aka rufe su a ƙaramin akwati aka aiko su Ingila. Suka ciji yaron, zazzaɓi ya kama shi, aka duba jininsa aka ga ƙwayar cutar, aka ba shi kwinin ya miƙe. Uban ya sami hujjar da yake nema, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan wata tara zazzaɓin ya dawo. Sanyi ya wuce, babu wani sauro daga Rum da ya sake cizonsa, amma ga rawar ɗari, ga ƙwayar nan a jini kamar ba a taɓa korarta ba. Shi da kansa ya rubuta labarin a mujallar likitocin Birtaniya a 1901. Tambayar da ya bari ita ce, ina cutar ta shiga ta ɓuya duk tsawon watannin nan? Sai da aka yi shekara tamanin kafin wani ya gan ta da idonsa a maɓoyarta.

Mu a nan idan aka ce zazzaɓin cizon sauro, abu ɗaya muke nufi. Alhali ƙwayar da ke haddasa shi iri-iri ce, kuma biyar daga ciki ne aka fi sani suna kama ɗan Adam. Wadda ta addabe mu a Najeriya da Nijar, mai kisan yara da sa su jijjiga, ita ce falsifarum. Biyu daga cikin sauran, bibaks da obale, su ne masu wannan hali na tafiya su dawo. A takardar sakamakon gwaji za ka ga an rubuta su P. vivax da P. ovale. Ta ɗan gidan Manson bibaks ce.

Abin da ke faruwa bayan cizo

Idan macen sauro mai ɗauke da cutar ta ciji mutum, takan zuba masa wasu ƙananan halittu masu siffar zare tare da yawunta. Ba sa tsayawa a jini. Cikin ɗan lokaci sun bi jijiya sun isa hanta, kowacce ta shige cikin ƙwayar hanta guda ta rufe ƙofa. A nan take ninkuwa shiru, mutum bai san abin da ake ciki ba, babu ciwon kai babu kasala. Bayan kamar kwana takwas ko tara ƙwayar hantar ta cika ta fashe, dubban 'ya'ya su kwararo cikin jini su afka wa jajayen ƙwayoyinsa. Daga nan ne ciwo ke farawa. A bibaks da obale, kowane awa 48 ƙwayoyin jinin da aka shiga sukan fashe kusan lokaci guda, shi ya sa idan cutar ta zauna sai ka ga zazzaɓin yau, lafiya gobe, zazzaɓi jibi.

A falsifarum duk waɗanda suka shiga hanta tare suke girma, tare suke fita. Bayan mako guda ko makamancin haka hanta ta zama fayau. Idan ka kashe na cikin jini, ka gama da wannan cizon.

Bibaks ba haka take ba. Daga cikin zaren da sauro ya zuba, wasu za su girma nan take su jawo zazzaɓin farko, wasu kuwa da sun shiga ƙwayar hanta sai su dunƙule su kwanta. Ba su ninkuwa, ba su fashewa, ba su taɓa lafiyar hantar. Masana suna kiran wannan mai kwanciya hifnozoyit, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar barci da dabba. Miles Markus ne ya raɗa sunan a 1978, tun kafin a tabbatar da abin a maleriya. Mu kira shi mai barci.

Wanda ya taso kusa da fadama ya san gaiwa. Idan ruwa ya janye takan nutse cikin taɓo ta naɗe jikinta, ƙasa ta bushe ta tsattsage a kanta, mutane su yi ta tafiya a sama ba su san akwai kifi a ƙarƙashin ƙafarsu ba, har sai damina ta sauka. Mai barcin hanta haka yake, kuma kamancin ya wuce na siffa kawai. Bibaks ta daɗe a ƙasashe masu sanyi, Holan da Rasha da Koriya da sauransu, inda sauro ke ɓacewa wata da watanni. Cutar da ba ta da wurin fakewa a irin wannan yanayi za ta mutu tare da sauron ƙarshe na kaka. Wadda ta iya kwanciya a hanta ta farka lokacin da sabon sauro ya ƙyanƙyashe ita ce ta rayu.

Yadda aka gano maɓoyar

Tun farkon ƙarni na ashirin wani likitan ƙauye a Holan mai suna Korteweg ya lura cewa mutane na kwanciya da zazzaɓi a farkon bazara, kafin sauro ya fito, ya ce ai cizon kakar bara ne ke tashi. Hujja mafi ƙarfi kuwa ta zo ne ta wata hanya mai ban mamaki. Kafin a sami fenisilin, likitocin Turai suna sa wa masu tunjeren da ya taɓa ƙwaƙwalwa maleriya da gangan, domin zafin zazzaɓin ya kashe ƙwayar tunjeren. Wagner-Jauregg na Austiriya har kyautar Nobel ya samu a kan haka a 1927. A wajen wannan aiki aka ga wani abu: wanda aka sa wa bibaks ta hanyar allurar jinin mai cutar, da an ba shi kwinin ya rabu da ita ke nan. Wanda aka sa sauro ya cije shi kuwa, sai ta dawo. Ashe abin da ke dawo da ita yana cikin abin da sauro ke zubawa ne, ba a jini yake ba. Har yau wannan darasi yana aiki, domin wanda ya kamu da bibaks ta ƙarin jini ba ya buƙatar maganin hanta.

A 1948 Shortt da Garnham a Landan suka nuna cewa hanta ce zangon farko na cutar. A 1980 Wojciech Krotoski da abokan aikinsa, har da Garnham ɗin da ya tsufa a lokacin, suka hango ɗan dunƙulen nan a hantar biri mai ɗauke da wata maleriyar birai 'yar'uwar bibaks. Bayan shekara biyu suka gan shi a bibaks kanta. Faɗinsa bai wuce kashi biyar cikin dubu na milimita ba, a cikin hantar da nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi. Ba abin mamaki ba ne da ya ɓace wa masu nema shekara tamanin.

Agogon farkawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Irin bibaks na wurare masu zafi da ruwan sama duk shekara, kamar tsibirin Niu Gini da kudu maso gabashin Asiya, yakan dawo kusan kowane mako uku, kuma yakan yi ta dawowa sau da yawa. Idan an sha kulorokwin, wanda ke daɗewa a jini, sai dawowar ta jinkirta zuwa mako shida ko bakwai, saboda farkon waɗanda suka farka sun tarar da magani yana jiransu. Irin na ƙasashen sanyi kuwa yakan yi wata takwas zuwa goma. A Indiya ana samun duka biyun. Me ke tayar da mai barci? Masana ba su kai ga matsaya ba. Akwai masu ganin cewa wani zazzaɓin ne ke tashinsa, domin a Tailan da Bama an sha ganin mutum ya warke daga falsifarum, bayan 'yan makonni bibaks ta bayyana. Hasashe ne mai ƙarfi, amma hasashe ne.

Abin da ba hasashe ba shi ne yawan ɓarnar. A wani bincike da aka yi kan yara a Papuwa Niu Gini, wanda aka wallafa a 2015, an gano cewa kusan huɗu cikin biyar na bibaks da ke bayyana a jininsu daga hanta take fitowa, ba daga sabon cizo ba. Cizo ɗaya, ciwo uku ko huɗu ko fiye. Kowane tashi yana cin jini, yaro bai gama mayar da na baya ba wani ya zo. An daɗe ana kiran bibaks zazzaɓi mai sauƙi don ba ta cika kisa farat ɗaya ba, amma yaron da ya yi shekara yana faɗuwa yana tashi, ga ƙarancin jini ga kumburin saifa, ba zai yarda da wannan suna ba. Kuma duk lokacin da ta farka, sauron da ya ciji mutumin zai kwashe ta ya kai wa maƙwabci. Shi ya sa ƙasashen da suka kusa kawar da maleriya sukan ga falsifarum ta riga tafiya, bibaks ta tsaya. Gidan sauro da feshi suna tare sabon cizo, amma ba ruwansu da abin da ya riga ya kwanta a hanta.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce ai wannan ciwon Indiya da Burazil ne. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Bibaks tana shiga jar ƙwayar jini ne ta wata ƙofa a bayanta da ake kira Dafi, kuma mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma an haife su ba su da wannan ƙofa, kamar yadda Louis Miller ya nuna a 1976. Wannan ne ya sa ta yi ƙaranci a wajenmu. Kariyar ba cikakkiya ba ce, don an samu bibaks a jinin marasa Dafi a Madagaska da Kamaru da Mali da wasu wurare, amma tana da ƙarfi. Inda bibaks ta yi kaka-gida a Afirka shi ne Habasha da Eritiriya da Somaliya da Sudan da Madagaska da Muritaniya. Gabashin Sudan, yankin Kasala da Gadarif, wuri ne da Hausawa suka daɗe da zama, kuma bibaks ba baƙuwa ba ce a asibitocinsa.

Obale kuwa tamu ce. Ba ta buƙatar ƙofar Dafi, kuma Afirka ta Yamma na cikin manyan gidajenta. Stephens ne ya fara bayyana ta a 1922, ya ba ta sunan saboda ƙwayar jinin da ta shiga takan miƙe ta yi siffar ƙwai. A 2010 aka gane cewa iri biyu ne masu kama da juna. Hujjar barcinta a hanta ba ta kai ta bibaks ƙarfi ba, yawanci daga matafiya aka samo ta, waɗanda suka bar Afirka suka kwanta ciwo bayan watanni a ƙasar da ba sauron maleriya. Duk da haka magani ɗaya ake yi musu.

A nan sai an yi hattara, don kada mai karatu ya rufe mujallar nan ya ce ya gano abin da ke damunsa. Mutum a Kano ko Maraɗi ya sha magani, bayan wata ɗaya zazzaɓi ya dawo, ya ce maleriyarsa ba ta jin magani, ta zauna masa a jiki. Mafi yawan lokaci ba barcin hanta ba ne. Ko dai sabon sauro ne ya sake cizonsa, wanda a damina ba abin tambaya ba ne, ko kuwa falsifarum ɗin farko ce ba ta mutu duka ba, don ya bar shan magani da ya ji sauƙi, ko maganin jabu ne. Wani lokaci ma ba maleriya ba ce sam. Ko a ƙasashen bibaks, likita ba shi da gwajin da zai bambance masa tashin hanta da sabon cizo. Inda abin ke fitowa fili shi ne ga wanda ya bar wurin cutar.

Mu ƙaddara wani ɗalibi

Mu ƙaddara saurayi ne mai nauyin kilo 60, ya yi karatu a Indiya, ya yi zazzaɓi sau ɗaya a can aka ba shi magani na kwana uku ya warke. Ya dawo gida, bayan wata biyar, a tsakiyar rani, sai ga rawar sanyi da gumi, rana ɗaya ciwo rana ɗaya lafiya. Ya je kemis aka ɗiga jininsa a ɗan katin gwajin nan na gaggawa, layi ɗaya ya fito, aka ce ba maleriya. Aka ce taifot ce, aka haɗa masa ƙwayoyi.

Kuskuren farko ke nan, kuma ba laifin mai gwajin ba ne kaɗai. Yawancin katunan gwajin da ke yawo a ƙasarmu suna neman wani sinadari ne mai suna HRP2, wanda falsifarum kaɗai ke fitarwa. Ko jinin mutum cike yake da bibaks ko obale, katin zai ce lafiya lau. Akwai katunan da ke kama sauran irin, amma su ma sukan yi rauni a kan obale. Abin da ake buƙata shi ne a shafa jini a gilashi, a rina shi, ƙwararre ya duba a madubin ɗakin gwaji. Shi ma sai ya yi haƙuri, domin bibaks da obale sabbin ƙwayoyin jini kawai suke shiga, waɗanda ba su da yawa, don haka ba sa cika gilashi kamar falsifarum. Kuma mai duba ba zai tsananta nema ba sai an gaya masa inda majiyyacin ya fito. Tafiyar wata biyar da suka wuce, wa zai tuna ya ambace ta idan ba a tambaya ba?

To an duba, an ga bibaks. Magani kashi biyu ne, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko na jini ne, shi ke sauke zazzaɓi. A ƙasashen da kulorokwin ke aiki a kan bibaks, ana ba da miligiram 25 a kan kowane kilo a cikin kwana uku. Ga ɗalibinmu miligiram 1500 ke nan: 600 ranar farko, 600 rana ta biyu, 300 rana ta uku. A Niu Gini da sassan Indunusiya bibaks ta daina jin kulorokwin tun daga ƙarshen shekarun 1980. A wajenmu kuwa, inda falsifarum ka iya laɓewa a jini ɗaya kuma ita ta daɗe da raina kulorokwin, maganin da aka saba ne za a ba shi, haɗin atimita da lumefantirin, ƙwaya huɗu safe da yamma kwana uku. Yana kashe bibaks da obale na cikin jini sarai. Amma daga kulorokwin har shi har kwinin, babu wanda ke taɓa mai barci. Yawancin magungunan nan suna kama ƙwayar ne tana cikin ci da ninkuwa, shi kuwa ba ya yin ko ɗaya. Abin da ya faru da ɗalibin a Indiya ke nan, an share tsakar gida an bar ɗaka.

Kashi na biyu na hanta ne, kuma dangin magani ɗaya tak ke yin wannan aiki. Wanda aka fi daɗewa ana amfani da shi a cikinsu shi ne firimakwin. An gwada shi a jikin fursunoni a kurkukun Stateville na jihar Ilinoi a Amurka, ƙarƙashin Alf Alving na Jami'ar Chicago, irin gwajin da yau ba za a amince da shi ba. Lokacin yaƙin Koriya sojojin Amurka suna komawa gida lafiya, bayan watanni su kwanta da bibaks. Sai aka riƙa ba su miligiram 15 kullum har kwana 14 a cikin jirgin ruwa a hanyar komawa. Wannan ma'auni na kwana goma sha huɗu ya bi duniya har yau.

Ga mai kilo 60, miligiram 15 sau 14 ya ba da 210, wato miligiram uku da rabi a kan kowane kilo. Abin da aka fahimta daga baya shi ne jimillar ce ke kashe mai barci, ba yawan kwanakin ba. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba da miligiram 30 kullum na kwana bakwai, jimilla ɗaya, rabin lokaci. Ga irin bibaks mai taurin kai na kudu maso gabashin Asiya da Niu Gini kuwa sai an ninka jimillar zuwa miligiram bakwai a kan kilo, wato 420 ga ɗalibinmu. Daga nan za a ga wani kuskure da ake yawan yi: a ba ƙato mai kilo 90 miligiram 15 na kwana 14 don haka aka saba, alhali jimillarsa ba ta kai ba. A sha shi da abinci, in ba haka ba yana murɗa ciki.

Matsalar da ta fi kowacce ita ce ta ɗan Adam. Zazzaɓi ya sauka tun rana ta uku, mutum ya koma harkarsa, ana ce masa ya ci gaba da haɗiyar ƙwaya don wani abu da ba ya ji, ba ya gani, babu ma gwajin da zai nuna masa yana ɗauke da shi. Da yawa sukan ajiye a rana ta biyar.

Kafin ya haɗiyi ƙwaya ta farko

Da firimakwin ba shi da haɗari da sai a raba shi kamar farasitamol. Amma tun a gwajin farko aka lura cewa wasu mutane, musamman baƙaƙen fata daga cikin fursunonin, jininsu na narkewa idan sun sha. Bin diddigin wannan ne ya kai ga gano, a 1956, wani rashi na gado da ake kira ƙarancin G6PD. Shi G6PD sinadari ne a cikin jar ƙwayar jini da ke kare ta daga irin tsatsar da wasu magunguna da abinci ke jawowa. Wanda nasa ya yi ƙaranci yana rayuwarsa lafiya, bai ma sani ba, sai ranar da ya haɗu da abin da ya fi ƙarfin garkuwarsa. Kimanin mutum miliyan 400 ke da shi a duniya, kuma ya fi yawa a daidai wuraren da maleriya ta daɗe. A Najeriya ya zama ruwan dare, fiye da namiji ɗaya cikin goma. Shi ne dalilin da ma'aikatan jinya ke hana sa kafur a kayan jarirai, don yana iya jawo musu shawara mai tsanani.

Saboda haka ɗalibinmu sai an gwada G6PD ɗinsa tukuna. Idan lafiya yake, a ba shi na kwana bakwai ko goma sha huɗu. Idan yana da ƙaranci, ba a ba shi na kullum. Akwai wata hanya: miligiram 45 sau ɗaya a mako har mako takwas, a ƙarƙashin idon likita, a wurin da za a iya ƙara masa jini idan ta ɓaci. Hikimar ita ce, a irin ƙarancin da ya fi yawa a Afirka, tsofaffin ƙwayoyin jini ne ke fashewa, sabbin suna da sauran ƙarfi, don haka tazarar mako tana ba ɓargo damar cike gurbi. Irin da ake samu a yankin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da sassan Asiya ya fi wannan muni, can ko sabbin ƙwayoyin ba su tsira ba.

Ko wane ma'auni aka ba shi, dole a gaya masa abin da zai sa wa ido, musamman a kwanakin farko. Alamar farko a fitsari take: ya yi duhu kamar shayi mai kauri, ko ja kamar zoɓo, ko ma baƙi. Sai farin ido ya koma rawaya, tafin hannu ya yi fari fat, ga haki da bugun zuciya da jiri. Wanda ya ga haka ya ajiye maganin nan take ya nufi asibiti, kada ya ce bari ya ƙarasa. Firimakwin ba ya daɗewa a jiki, cikin 'yan awoyi rabinsa ya fita, don haka tsayar da shi na tsayar da ɓarnar.

Wannan siffa ce sabon maganin ba shi da ita. Tafenokwin, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, miligiram 300 ne a sha sau ɗaya a gama. Ya magance matsalar mai ajiye magani a rana ta biyar, kuma Burazil ce ta fara shigar da shi tsarin lafiyarta na ƙasa. Amma yakan yi kusan mako biyu kafin rabinsa ya bar jiki, idan jini ya fara narkewa ba yadda za a janye shi. Don haka ba a ba da shi sai da gwajin da ke auna G6PD da lamba, ya nuna aƙalla kashi 70 cikin ɗari. Wannan ya fi shafar mata. Gadon yana kan ƙwayar halittar X ne, namiji yana da guda ɗaya, ko yana da ƙarancin ko ba shi da shi. Mace tana da biyu, tana iya zama tsaka-tsaki, rabin jininta lafiya rabi mai rauni, gwaji mai sauƙi ya ce ba komai. Sa'an nan tafenokwin da kulorokwin aka amince a haɗa shi. Da aka gwada shi tare da wani haɗin atimisinin a kan sojojin Indunusiya, bai hana dawowar cutar yadda ake fata ba. Ke nan ɗalibinmu da ya sha atimita, firimakwin ne nasa.

Da ƙanwarsa ce mai juna biyu ta dawo da cutar, duka biyun haramun ne gare ta, ko da nata G6PD lafiya yake, domin maganin na ratsawa zuwa ga ɗan tayi kuma ba a san nasa ba. Sai a kashe na jini, a riƙa ba ta kulorokwin sau ɗaya a mako yana tare duk wanda ya farka, a jinkirta maganin hanta sai bayan ta haihu likita ya duba batun shayarwa. Sabon jariri shi ma ba a ba shi firimakwin.

Wani lokaci a yi komai daidai cutar ta dawo. Likita zai fara tambayar ko an shanye maganin, ya sake lissafin nauyi, ya tambayi ƙasar da aka ɗauko cutar. Idan duk waɗannan sun daidaita, akwai sauran dalili ɗaya da aka bayyana a 2013: firimakwin ba ya aiki sai hantar mutum ta sarrafa shi da wani sinadari mai suna CYP2D6, kuma akwai waɗanda nasu mai rauni ne tun haihuwa. Yawanci sai a maimaita da jimilla mafi girma.

A ƙauyen da sauro ke cizon mutum kowane dare, ba kasafai ake bin obale har hanta ba. Ba a cika gane ta ba, maganin falsifarum na share ta daga jini ba tare da kowa ya san ta zo ba, firimakwin da gwajin G6PD ba su wadatu ba, kuma ko an wanke hantar wani sauron na nan tafe. A ganina wannan lissafi ne mai ma'ana, ba sakaci ba. Lissafin yana juyawa ne ga wanda ya tashi daga nan zuwa Landan ko Alƙahira ko Jidda. Ƙwayoyin riga-kafin da matafiya suka fi sha ba sa kashe mai barci, saboda haka baƙon da ya zo hutu Zariya ya sha maganinsa ba fashi yana iya kwanciya da obale bayan wata shida. Likitan can zai tambaye shi ko ya yi tafiya kwanan nan, shi kuma ya ce a'a, don a ransa tafiyar bara ba kwanan nan ba ce. Amsar da ta dace ita ce ya lissafa duk ƙasar maleriyar da ya taka cikin shekara biyu ko uku da suka wuce, ya roƙi a duba jininsa a gilashi.